Discuss, evaluate da justify: mene ne ainihin abin da mai duba jarrabawa yake nema?

Ɗalibar_Tattali

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa ɗalibai. Ina neman a warware mini wata matsala da ta shafi kalmomin da ake fara tambayoyin jarrabawa da su a Turanci, musamman discuss, evaluate da justify. A jarrabawar gwaji ta darasin tattalin arziki an ba mu tambaya mai maki 12 wadda ta fara da evaluate, sauran jimlar kuwa tana magana ne a kan amfani da dokar mafi ƙarancin albashi wajen rage talauci. Na kawo amfani uku da illa uku, kowanne da bayaninsa, sannan na rufe da cewa dokar tana da amfani kuma tana da illa, don haka ya kamata gwamnati ta yi taka-tsantsan. An ba ni maki 7, kuma malamin ya rubuta a gefen takardar cewa na yi bayani mai kyau amma ban auna komai ba. Abin da nake so in fahimta shi ne, da a ce tambayar da discuss ta fara, shin wannan amsar tawa za ta wadatar? Kuma idan aka ce justify, ta ina amsar za ta bambanta, tun da ilimin da zan zuba a cikinta ɗaya ne?

Garkuwa_92

Wa alaikumus salam. A fahimtata duka ukun abu ɗaya ake nema, masu rubuta tambaya ne kawai suke sauya kalma don kada su riƙa maimaita guda ɗaya. Ki kawo ɓangaren da ya goyi baya, ki kawo wanda ya saɓa, ki rufe da ra'ayinki. Da wannan tsarin na rubuta jarrabawoyina tun daga sakandare kuma bai taɓa kayar da ni ba. Ina ganin abin da ya rage miki maki shi ne rufewar da kika yi ba tare da kin ɗauki ɓangare ba.

Mai_Jan_Biro

Garkuwa_92 ya yi daidai a jimlarsa ta ƙarshe, amma ban yarda da ta farkon ba. Na daɗe ina duba takardun jarrabawa, kuma ina tabbatar muku cewa ba don ado ake zaɓen waɗannan kalmomi ba, domin tare da tambayar ake rubuta tsarin bayar da maki, kuma kalmar farko ita take nuna wa mai dubawa inda zai sa makin.

'Yata, bari in fara da yadda ake raba maki 12 a irin tambayarki. A tsarin da na saba aiki da shi, maki 8 na sani ne da bayani, maki 4 kuma an keɓe su ne ga aunawa da yanke hukunci. Ba a ɗebo daga wannan kaso a cike wancan. Ko da kin rubuta shafi huɗu na bayani mai inganci, ba zai wuce 8 ba, sauran huɗun kuma suna nan a ajiye har sai mai dubawa ya ga inda kika ɗora wata hujja a kan wata kika ce wannan ta fi nauyi, kika kuma faɗi dalili. Makin da kika samu yana nuna mini cewa kin kusa cinye kason farko, kason na biyu kuwa ba ki taɓa shi ba.

Jimlar da kika rufe da ita, wato dokar tana da amfani kuma tana da illa, ba hukunci ba ce, domin za a iya ɗaukarta a liƙa a ƙarshen kowace amsa a kan kowace manufa ta gwamnati ba tare da an sauya harafi ba. Mu masu dubawa mukan gane ta nan take, kuma ba mu ba ta komai.

Bambancin kalmomin uku a wurina yana ga matsayin da hukunci yake da shi a cikin amsar. Idan aka ce discuss, nauyin aikin yana ga shimfiɗa batun ta fuskoki fiye da ɗaya cikin tsari da zurfi, a nuna yadda hujjojin suke karo da juna. Idan aka ce evaluate, shimfiɗar share fage ce kawai, abin da ake jira shi ne a auna ta da wani ma'auni a fitar da hukunci. Idan kuma aka ce justify, hukuncin ne yake zuwa da farko, ko dai an ba ki shi a cikin tambayar ko an ce ki zaɓa, sauran amsar kuma kare shi ne da hujja.

Baban_Iman

Ku gafarce ni malamai, amma ni abin da na sani game da evaluate ya saɓa da wannan. Kullum ina taya yarona aikin gida, kuma duk inda aka rubuta evaluate lissafi ake so ya yi ya fitar da lamba, babu wani ɓangare da ɓangare. Shin ba za ta yiwu ba cewa malamin yarinyar nan alƙaluma yake so ta kawo, kamar yawan mutanen da za su fita daga talauci, shi ya sa ya ce ba ta auna ba?

Malamar_Lissafi

Baban_Iman, abin da ka gani a littafin yaronka gaskiya ne, sai dai a darasin lissafi ne kalmar take da wannan ma'anar. Idan aka ce evaluate 3x² − 2x kuma aka ba da x = 4, abin da ake so shi ne ɗalibi ya sa 4 a gurbin x, ya sami 48 − 8, ya rubuta 40. A tambayar rubutu ta tattalin arziki ko tarihi ba wannan ake nufi ba, kuma ba a sa ran ɗalibi ya ƙirƙiro alƙaluman da ba a ba shi ba.

Tun da maganar ta zo ɓangarena, bari in ƙara da justify, domin a nan ne ɗalibaina suka fi asarar maki. A ce an ba da alwatika mai gefuna 5, 12 da 13, aka tambayi ko tana da kusurwa mai digiri 90, sannan aka ce justify. Wanda ya rubuta "e" kaɗai, amsarsa daidai ce amma galibi ba ya samun komai, saboda mai cankar amsa ma zai iya dacewa da ita. Wanda ya zana alwatikar ya ce da ido ma an ga kusurwar, shi ma bai kawo hujja ba. Abin da ake so shi ne ya nuna cewa 5² + 12² = 25 + 144 = 169, kuma 13² = 169, sannan ya rubuta a fili cewa tun da sun yi daidai, bisa juyin ƙa'idar Pythagoras alwatikar tana da kusurwa mai digiri 90. Wannan jimlar ta ƙarshe da take haɗa lissafin da amsar ita ce yara suka fi mantawa, suna ganin lissafin ya isa ya yi magana da kansa. Kuma a lura, a nan babu ɓangare na biyu da za a kawo, don haka tsarin da Garkuwa_92 ya bayar ba zai yi aiki ba.

Ɗalibar_Tattali

Na gode Malama. Malam Mai_Jan_Biro, na fahimci cewa ban yanke hukunci ba, amma har yanzu ban ga yadda ake aunawar a aikace ba. Idan na rubuta a ƙarshe cewa a ganina amfanin dokar ya fi illarta yawa, shin shi ke nan na sami maki huɗun? Ina roƙon ka nuna mini da wannan tambayar tawa, domin idan aka sauya misali nakan rasa inda zan kama.

Mai_Jan_Biro

A'a 'yata, wannan jimlar ita kaɗai maki ɗaya za ta ba ki idan an yi miki sassauci, domin hukunci ne da ba a nuna daga ina ya fito ba. Mu ɗauki tambayarki daki-daki.

Abu na farko shi ne ki nemo ma'aunin, kuma kusan kullum yana cikin tambayar. Ba a ce ki auna dokar mafi ƙarancin albashi gaba ɗaya ba, an ce ki auna ta a matsayin hanyar rage talauci. Saboda haka duk hujjar da kika kawo, tambayar da za ki yi mata ita ce: wannan me take yi wa talauci, kuma nawa ne girman tasirinta? Idan a cikin illolinki uku akwai raguwar ribar masu kamfani, to wannan gaskiya ce, amma ba ta da nauyi a wannan tambayar sai kin nuna yadda take komawa kan talaka, misali ta hanyar rage ɗaukar ma'aikata.

Abu na biyu shi ne ki haɗa manyan hujjojin biyu fuska da fuska, ki faɗi abin da zai sa ɗaya ta rinjayi ɗaya. Babban amfanin shi ne ƙaruwar kuɗin shigar masu ƙaramin albashi, babbar illar kuma ita ce wasu za su rasa aiki. Wanne zai rinjaya ya danganta da yadda masu ɗaukar aiki suke mayar da martani ga tsadar ma'aikaci. A ce wani kamfani yana da ma'aikata 100 aka ƙara musu albashi da kashi 10 cikin ɗari. Idan uku kawai aka sallama, sauran 97 za su karɓi abin da ya kai 106.7 a ma'aunin da jimillar albashin kafin ƙarin take 100, wato kuɗin da yake shiga hannun wannan rukuni ya ƙaru. Idan kuwa 15 aka sallama, 85 ɗin da suka rage za su karɓi 93.5 ne, wato jimillar ta ragu, ga kuma mutum 15 babu aiki. Waɗannan lambobin na misali ne, ba sai kin kawo su ba, amma tunanin da yake cikinsu shi ne aunawa. Daga nan sai ki faɗi lokacin da kowane hali ya fi yiwuwa: inda za a iya maye gurbin ma'aikaci da na'ura cikin sauƙi, ko inda aka ɗaga albashin ya zarce abin da kasuwa take biya da nisa, sallama za ta yi yawa, inda kuwa mai ɗaukar aiki ɗaya ne ya mamaye yanki yana biyan ƙasa da abin da ma'aikata suke samar masa, ana iya ƙara albashi ba tare da an rasa ayyuka ba.

Abu na uku, wanda yake bambanta amsa mai kyau da mai matuƙar kyau, shi ne ki tambayi ko dokar tana isa ga talakawan ma. Marar aiki ba ya amfana da ita, haka tsoho da ya daina aiki, haka mai sana'ar kansa, haka wanda yake aiki a inda hukuma ba ta iya tilasta bin doka. A ɗaya gefen kuma wani mai ƙaramin albashi yana iya kasancewa ɗan gida ne mai wadata.

Bayan wannan sai hukuncinki ya fito da kansa, kamar haka: dokar tana iya rage talauci a tsakanin masu aikin albashi idan ƙarin matsakaici ne kuma ana tilasta bin sa, amma a ƙasar da mafi yawan talakawa ba su cikin aikin albashi na hukuma tasirinta kaɗan ne, kuma tallafin da ake bai wa iyalai kai tsaye bisa ƙarancin kuɗin shigarsu zai fi isa gare su. Ki lura cewa hukuncin yana da sharaɗi, kuma kowane sharaɗi an riga an gina shi a cikin amsar.

Nazari_Kullum

Malam, Allah ya ƙara basira. Ina so in ƙara da cewa akwai binciken da zai ƙarfafa wannan amsar. David Card da Alan Krueger sun wallafa nazari a 1994 a kan gidajen sayar da abinci na gaggawa a jihar New Jersey ta Amurka, bayan an ɗaga mafi ƙarancin albashi a can a 1992 daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa ɗaya. Sun kwatanta da gabashin jihar Pennsylvania mai maƙwabtaka, inda ba a yi ƙarin ba, kuma ba su ga raguwar ayyuka a New Jersey ba. Ina ganin duk wanda ya ambaci wannan ya gama da makin aunawa.

Mai_Jan_Biro

Binciken sananne ne kuma ya dace da tambayar, amma ambatonsa kaɗai yana shiga kason sani ne. Yana zama aunawa idan ɗalibi ya yi aiki da shi, wato ya ce wannan shaida tana raunana hujjar rasa ayyuka, sannan ya faɗi iyakarta: sana'a ɗaya ce, a yanki ɗaya, cikin ɗan gajeren lokaci, wasu masana kuma sun yi jayayya da bayanan da aka yi amfani da su, kuma abin da aka auna yawan ayyuka ne ba talauci ba. Na sha ganin takardu cike da sunayen masana da shekaru waɗanda ba su sami ko maki biyu daga cikin huɗun nan ba.

Malam_Na_Tarihi

Ina so in koma kan tambayar farko da yarinyar ta yi, domin har yanzu ba a amsa ta kai tsaye ba: da discuss aka rubuta, shin amsarta ta wadatar? A nan ina ganin Malam Mai_Jan_Biro ya sauƙaƙa lamarin fiye da yadda yake, saboda hukumomin jarrabawa da kansu ba su yi ittifaƙi a kan wannan kalmar ba. Hukumar Cambridge International, a jerin kalmomin da take sakawa cikin manhajojinta, ta bayyana discuss da cewa a yi rubutu mai zurfi kuma mai tsari a kan batu, ba ta ambaci yanke hukunci ba. Hukumar International Baccalaureate kuwa ta ce ana son bita mai daidaito da ta ƙunshi hujjoji daban-daban, kuma ta ƙara da cewa ra'ayi ko kammalawa a gabatar da su a fili tare da shaida. Wato a wurin ta biyun discuss ta matso kusa da evaluate ƙwarai.

A darasin tarihi da nake koyarwa, idan aka kawo wata magana a kan musabbabin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ce discuss, ban taɓa ba da babban maki ga ɗalibin da ya jero ƙawancen ƙasashe, da gasar makamai, da kisan Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Austria-Hungary, a Sarajevo a 1914, sannan ya ajiye alƙalami ba. Dole ya gaya mini wanne ne tushe wanne ne ya kunna wutar, da yadda ɗaya ya sa ɗayan ya zama mai haɗari. Don haka amsata ga Ɗalibar_Tattali ita ce, ko da discuss ne, amfani uku da illa uku da ba su taɓa juna ba za su tsaya ne a matakin tsakiya.

Hajiya_Mai_Koyarwa

Malam_Na_Tarihi, abin da ka faɗa gaskiya ne a matakin da kake koyarwa, amma kada mu tsorata ƙananan ɗalibai. Akwai jarrabawoyin sakandare da yawa da ake cewa discuss a kawo abubuwa biyar, maki 10, kuma tsarin makin shi ne ɗaya na ambato ɗaya na bayani. A irin wannan tambayar yaron da ya tsaya auna hujjoji yana rubuta doguwar kammalawa lokacinsa kawai yake ɓatawa, domin babu gurbin da mai dubawa zai sa masa makin. Ni abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su dubi abu biyu tare da kalmar: yawan makin da aka rubuta a gefe, da ko an ƙayyade adadin abubuwan da za a kawo. Idan an ƙayyade adadi, ƙirga ake yi. Idan ba a ƙayyade ba kuma makin yana da yawa, to matakai ake bi, wato a sa amsar a matakin ƙasa, na tsakiya ko na sama gwargwadon ingancinta, kuma a nan ne maganarku take aiki.

Garkuwa_92

To ai wannan yana nuna cewa maganata ta farko ba ta yi nisa da gaskiya ba, tun da ga shi malamai ma sun ce discuss da evaluate suna kusa da juna. Wanda ya kawo ɓangarori biyu ya rufe da matsaya mai dalili ya tsira a duka biyun. Abin da na karɓa shi ne batun justify, musamman misalin da Malamar_Lissafi ta kawo. Amma a darasin rubutu fa, idan aka ce justify, shin haramun ne a ambaci ɗaya ɓangaren?

Mai_Jan_Biro

Ba haramun ba ne, hasali ma a tambaya mai maki da yawa ana bukatarsa, sai dai aikin da yake yi ya bambanta. Mu ce an ba ɗalibi zaɓi biyu na rage talauci, ƙarin mafi ƙarancin albashi ko tallafin kuɗi ga iyalai, aka ce ya ba da shawarar ɗaya sannan justify. Jimlarsa ta farko ita ce zaɓinsa. Bayan ta sai dalilan da suka sa zaɓin ya dace da halin da aka bayyana a cikin tambayar, domin idan an ba da labarin wata ƙasa ko wani kamfani, daga cikin labarin ake so hujjar ta fito. Sannan ya ɗauko zaɓin da ya bari, ya amince da abin da yake da shi na ƙarfi, ya nuna dalilin da ya sa duk da haka bai kai nasa ba. Zai iya cewa tallafin kuɗi yana cin kasafin gwamnati alhali ƙarin albashi masu kamfani ne suke biya, amma tun da labarin ya nuna yawancin talakawan ƙasar ba su da aikin albashi, arahar dokar ba ta da amfani idan ba ta isa gare su ba.

Kuskuren da na fi gani iri biyu ne. Wani yakan rubuta amfani da illar kowane zaɓi daidai wa daida, lokaci ya ƙare bai zaɓa ba. Wani kuma yakan zaɓa ya yi ta yabon zaɓinsa kamar ɗayan bai wanzu ba. Kuma galibi babu zaɓin da tsarin makin ya ware a matsayin daidai, ɗalibai biyu suna iya zaɓen abubuwa mabambanta su duka su sami cikakken maki.

Game da saɓanin da Malam_Na_Tarihi ya nuna, na yarda cewa ma'anar discuss tana sauyawa daga hukuma zuwa hukuma. Inda nake nan a kan bakana shi ne, a discuss ɗalibi yana iya kammalawa da cewa shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba, idan ya nuna dalili, ya kuma sami babban maki. A evaluate da wuya in karɓi wannan.

Malam_Na_Tarihi

A nan ne muka rabu Malam. Ni zan karɓe shi a evaluate ma, matuƙar ɗalibin ya auna shaidar ne ya gano ba ta isa ba, domin wannan ma hukunci ne a kan ƙimar shaidar. Abin da ba na karɓa a ko'ina shi ne wanda ya fake da "ya danganta" ba tare da ya faɗi abin da ya danganta da shi ba.

Sabon_Malami

Ina bin wannan muhawara da sha'awa domin yanzu nake koyon rubuta tambayoyi. A kwas ɗin koyarwa an nuna mana rabe-raben da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, inda aka jera matakan tunani shida daga sani har zuwa aunawa, wadda take a ƙololuwa. A gyaran da Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranta a 2001 an mayar da aunawa mataki na biyar, ƙirƙira ta hau samanta. Abin da nake tambaya shi ne, tun da evaluate da justify suna can sama, shin ba zai fi sauƙi a koya wa ɗalibai jadawalin kawai ba, su san matakin kowace kalma?

Hajiya_Mai_Koyarwa

Jadawalin yana da amfani gare ka a matsayin mai rubuta tambaya, domin zai hana ka cika takarda da tambayoyin hadda kaɗai. Amma ɗalibin da ya san cewa evaluate tana mataki na biyar bai san abin da zai rubuta a sakin layi na uku ba. Kuma ga misalin Malamar_Lissafi a sama, inda evaluate ɗin sa lamba a gurbi ne kawai, aikin da bai kai ko kusa da mataki na biyar ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba ɗalibai tsarin makin tambayoyin baya tare da amsoshi biyu, mai ƙarfi da mai rauni, a ce su ba da maki da kansu su kuma ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka cancanci makin aunawa. Kai kuma ɗana, idan kana rubuta tambaya, kada ka sa evaluate alhali tsarin makinka jerin abubuwa ne da za a ƙirga, domin yawancin ruɗanin da ɗalibai suke ciki daga irin wannan ya samo asali.

Ɗan_Kimiyya

Mu a ɓangaren kimiyya evaluate takan zo ne a kan hanyar gwaji. A ce an ƙona makamashi a ƙarƙashin gwangwanin ruwa don a auna zafin da ya fitar, sakamakon ya fito ƙasa da wanda yake cikin littafi, aka ce a yi evaluate na hanyar. Yawancinmu mukan rubuta cewa akwai kuskuren ɗan Adam, kuma wannan ba ya samun maki. Malaminmu ya nuna mana cewa sai an ambaci takamaiman rauni, kamar zafin da yake tserewa cikin iska da wanda gwangwanin kansa yake sha, da ƙonewar da ba ta cika ba wadda baƙin hayaƙi a gindin gwangwanin yake nunawa. Sannan a faɗi ta wane gefe kowanne yake karkatar da sakamakon, wanne ya fi girma, da gyaran da zai rage shi, kamar sa murfi da kariya daga iska. Ina ganin wannan ya yi daidai da abin da Malam Mai_Jan_Biro ya ce game da ma'auni, sai dai namu ma'aunin shi ne ko za a iya dogara da sakamakon.

Ɗalibar_Tattali

Na gode muku duka. Akwai abu ɗaya da ya rage mini, kuma ya shafi lokaci. Idan minti 20 kawai nake da su ga tambaya mai maki 12, ba zan iya kawo hujjoji shida in kuma auna kowacce ba. Shin in rage hujjojin, ko in bar aunawar sai a sakin layi na ƙarshe?

Mai_Jan_Biro

Ki rage hujjojin. A tsarin matakai hujja biyu da aka bi su daga sababi zuwa sakamako sun fi shida da aka taɓa sama-sama, don haka ɗaya mai ƙarfi a kowane ɓangare, ko biyu idan lokaci ya bari, ta isa. Aunawar kuma ni na fi son a riƙa yin ta a ƙarshen kowane sakin layi, jimla ɗaya ko biyu da suke faɗin girman hujjar da sharaɗinta, saboda idan lokaci ya ƙure kafin kammalawa kin riga kin sami wani abu daga maki huɗun. Ki ware minti uku na ƙarshe ga hukuncin, kuma kada ki shigo da sabuwar hujja a cikinsa.

Malam_Na_Tarihi

A tarihi na fi son ɗalibi ya bayyana matsayarsa tun a gabatarwa, ko da evaluate aka ce, domin hakan yana sa kowane sakin layi ya san inda ya dosa. Na san wasu malaman tattalin arziki ba su son haka, suna ganin ɗalibi ya yanke hukunci kafin ya auna. Ɗalibar_Tattali, ki nemi tsarin makin hukumar da za ki rubuta jarrabawarta da rahoton masu dubawa na shekarun baya a darasinki, ki karanta bayanin matakin sama kalma bayan kalma, sannan ki tambayi malaminki wanne daga cikin tsarin biyun ya ga yana samun maki a wurinsu.